Kafin ka ƙaro wufa ta uku, gyara zaman biyun da kake da su

Yau ba maganar sikirin ko batiri na zo da ita ba. Ni mai gyaran waya ne a Gaya, amma duk mai riƙe da dalma da mita a ƙaramin gari ya san ba waya kaɗai ake kawo masa ba. Ana kawo rediyo, ana kawo amfilifaya, wani lokacin har lasifika sukutum a bayan mashin. Daga nan na shiga harkar kayan sauti, kuma akwai abin da na daɗe ina son faɗa wa masu haya da kayan taro a Gaya da Ajingi.

Ra'ayina shi ne: a ƙaramin ɗakin taro, yawancin sautin da ke cushewa ba ƙarancin kaya ne ya jawo shi ba. Abu biyu ne, kuma babu wanda ake biyan kuɗi a kansa. Na farko, lambar da ka tsayar da kurosoba a kai. Na biyu, wurin da ka ajiye sabwufa, wadda muke kira wufa. In ka bar waɗannan biyun a karkace, ko ka kwaso rabin Sabon Gari ka zuba a ɗakin, ƙara kawai za ka ƙaro, mutane ba za su ji abin da ake faɗa ba.

Abin da ya faru a wani ɗakin taro

Wani abokina yana ba da hayar kayan sauti. Yana da wufa biyu masu inci 18, da lasifikan sama biyu masu inci 12, da amfilifaya biyu, da miksa, da akwatin kurosoba da ya saya tare da kayan amma bai taɓa damuwa da shi ba. Sau biyu yana kawo min lasifikar sama tuwitarta ta ƙone. Da ya kawo karo na biyu sai ya ce min ya yanke shawara zai ci bashi ya shiga Kano ya ƙaro wufa, don mutane suna ƙorafin bes ba ya kaiwa baya, kuma ba a jin mai gabatarwa. Na ce masa ya dakata, ya bar ni in bi shi aiki ɗaya tukuna.

Aikin walimar biki ne a wani ɗaki a cikin garin Gaya. Na auna shi da tef: faɗi mita 10, tsawo mita 18. Bangon bulo, ƙasa tayil, sama kwano da silin. Ya jera kayan yadda kowa ke jerawa, wufa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, tsakaninsu mita 8, kowacce gabanta yana da kusan mita ɗaya daga bangon da ke bayanta. Da na leƙa kurosoba sai na ga maɓallin yana kan 250. Sannan lasifikan sama ma ba ta cikinsa suka bi ba, kai tsaye ya ɗauko musu waya daga miksa. Kuskure uku ke nan a wuri ɗaya, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me kurosoba yake yi?

Sauti girgizar iska ne. Ana ƙirga yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya, shi ne Hz ɗin da kake gani a jikin kayan. Ƙaramar lamba sauti ne mai kauri, kamar dukan babbar ganga. Babbar lamba sauti ne siriri, kamar “s” da “sh” da “ts” a bakin mai magana. Kurosoba shi ne mai rabon aiki. Ka ba shi lamba ɗaya, abin da ke ƙasa da ita ya tura wa wufa, abin da ke sama ya tura wa lasifikan sama.

To, ina ya kamata lambar ta tsaya? Gindin muryar namiji yana tsakanin kusan 85 zuwa 180 Hz, ta mace kuma kusan 165 zuwa 255. Ka ga ke nan duk wanda ya kai kurosoba 250 ya kwashi gindin muryar mai magana ya miƙa wa wufa mai inci 18 da ke zaune a ƙasa, tana fuskantar ƙafafun kujeru. Shi ya sa muryar ke fitowa kamar mutum yana magana a cikin randa. Baƙaƙen da ke sa a rarrabe kalma da kalma suna can sama, wajen 2,000 zuwa 4,000 Hz, kuma sauti mai kauri in ya yi yawa yakan danne su. A ɗakin da ke da tayil da bangon siminti abin ya fi muni, don babu labule ko kafet da zai sha amsa-kuwwar.

Shawarata ita ce ka fara daga 100. In lasifikanka na sama masu inci 15 ne, za ka iya saukowa 80 ko 90. In masu inci 12 ne, tsaya a 100. In ƙanana ne masu inci 10 ko 8, hau zuwa 120 don kada ka ɗora musu abin da ba za su iya ba. Masu kayan sinima na gida, tsarin THX, 80 suka tsayar, amma su falo suke cikawa, ba ɗakin mutum ɗari biyu ba. Mu da muke buɗe murya sosai, gara mu ɗan hau kaɗan don lasifikan sama su huta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wuce 120 a irin ɗakunanmu. Daga nan kunne yakan fara gane daga ina bes yake fitowa, kuma murya ta fara zubowa cikin wufa.

Idan kurosobanka na dijital ne, zai tambaye ka irin yankan. Zaɓi wanda aka rubuta LR24. Sunan injiniyoyi biyu ne, Linkwitz da Riley, kuma amfaninsa shi ne a daidai wurin rabon, wufa da lasifikar sama suna haɗuwa ba tudu ba rami. Idan kuma na maɓalli ne, akwai tarko guda: wasu suna da ɗan maɓalli da aka rubuta x10. In yana danne, 100 ɗin da ka sa ya zama 1,000. Na taɓa ganin wanda ya yi wata guda yana zargin wufarsa ta lalace, ashe yaron da ke ɗaukar kaya ne ya danne shi.

Rabin aikin da ake mantawa

Rage wa wufa sautin sama rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne hana bes shiga lasifikan sama, kuma nan ne tuwitar abokina take mutuwa. Bes ne ke cinye mafi yawan ƙarfin amfilifaya. In ka tura wa lasifikan sama komai da komai, amfilifayarsu tana ƙarar da ƙarfinta wajen tura bes ɗin da inci 12 ba zai fitar da shi yadda ya kamata ba. Kai kuma ba ka jin murya, sai ka ƙara buɗewa. Jar fitilar da aka rubuta CLIP ta fara ƙiftawa, sautin ya fara fita a yayyage, koyil ya yi zafi, siririyar wayar tuwita ta tsinke. In janareta ƙarami ne wuta tana faɗuwa duk lokacin da ganga ta buga, fitilar takan kama da wuri.

Haɗin da ya dace ba shi da wuya. Daga MAIN OUT na miksa zuwa INPUT na kurosoba. Daga LOW OUT zuwa amfilifayar wufa. Daga HIGH OUT zuwa amfilifayar lasifikan sama. In wufarka mai amfilifaya a ciki ce, duba bayanta da kyau. Kafar da aka rubuta THRU ko LINK yawanci tana wuce da sautin gaba ɗaya ne ba yanka. Wadda aka rubuta HPF ko HIGH PASS ita ce ke cire bes kafin ta miƙa wa na sama, wani lokacin ma maɓalli ne za ka danna.

Sai kuma makirufo. A kan layukan makirufo na yawancin miksa akwai maɓallin LOW CUT, kusa da shi za ka ga 75 ko 80 ko 100. Danna shi a duk layin da makirufo yake. Zai cire bugun iska na “f” da “b”, da ƙarar hannu a jikin makirufo, kuma ba zai rage wa muryar wani abin kirki ba.

Me ya sa bango yake cinye bes?

Yanzu mu zo kan wurin ajiyewa, wanda ya fi ba mutane mamaki. Sauti yana tafiyar kusan mita 350 a daƙiƙa a irin zafinmu. In ka raba 350 da lambar Hz za ka samu tsawon zango ɗaya na sautin. A 100 Hz, mita uku da rabi ne. Rabin zangon turawa ne, rabi jawowa. Duk inda turawar wani sauti ta haɗu da jawowar wani, sai su kashe juna.

Bes ba ya tafiya gaba kaɗai kamar hasken tocila, ko'ina yake bazuwa, har baya. Wanda ya tafi baya yakan daki bango ya dawo ya tarar da wanda ke fita. In tafiyar zuwa da dawowa ta kai rabin zango, sun kashe juna ke nan. Lissafin sautin da zai mutu shi ne:

350 ÷ (4 × nisan gaban wufa daga bango)

A ɗakin abokina nisan mita ɗaya ne. 350 raba 4 ya ba da kusan 88 Hz. Wato daidai inda ganga ke dukan ƙirji, nan bangon yake sace masa. Yana ƙona fetur yana tura sautin da bango ke sokewa. Da muka tura wufar ta kusa mannewa da bango, gabanta ya dawo santimita 65. Lissafi ya koma 350 raba 2.6, kusan 135 Hz. Ramin ya haura sama da 100, inda wufar ta riga ta miƙa aiki. Kuma yanzu abin da ke dawowa daga bango ƙara mata yake yi. Ka dai bar ɗan sarari na waya, da na shan iska in mai amfilifaya ce.

Don haka mafi munin wuri shi ne tsakanin kusan mita ɗaya zuwa biyu daga bango, kuma abin haushi nan ne muka fi ajiyewa. Ko dai ka manna ta, ko ka nisanta ta sosai, wanda ƙaramin ɗaki ba zai ba ka dama ba.

Me ya sa raba su dama da hagu yake cutarwa?

Wannan shi ne inda na fi samun musu. Kowa ya saba ganin wufa ɗaya nan ɗaya can, ya fi kyau a ido da hoto. Amma ka ɗauki mutumin da ke zaune ta gefen hagu, mita 12 a gaban wufar hagu. Daga wufar dama zuwa kunnensa kusan mita 14.4 ne. Bambancin mita 2.4. Sautin da rabin zangonsa ya kai 2.4 shi ne 350 raba 4.8, kusan 73 Hz. A kujerar nan wufa biyun faɗa suke yi da juna, ɗaya na turawa ɗaya na jawowa. Wanda ke kan layin tsakiya kuwa nisansa da su ɗaya ne, shi bes ɗin ya ninka masa har ya yi yawa.

Ka ga asalin ƙorafin ke nan. Na tsakiya yana cewa a rage, na gefe yana cewa babu komai. In mai kiɗa yana zaune a ramin, sai ya yi ta ƙarawa har silin ya fara karkarwa. Wufa ta uku ba za ta cike ramin ba, wurinsa kawai za ta canza.

Maganin shi ne haɗa su wuri ɗaya, gefe da gefe suna taɓa juna, ko ɗaya kan ɗaya. In tsakiyarsu ba ta wuce kusan santimita 85 da juna ba, a ƙasa da 100 Hz kamar wufa guda babba suke aiki. A ƙasa za su zauna, kada a ɗora su kan tebur ko dandamalin katako mai rami, don shi ma zai riƙa kuka.

Tsakiyar bangon gaba ya fi dacewa, amma a wurinmu nan ne teburin manyan baƙi yake, kuma nan makirufo yake. Ba za ka ajiye inci 18 biyu a bayan kujerar dattijo ba. Mu sai muka kai su ɓangaren dama, jikin bangon gaba, kusan mita biyu da rabi daga kusurwa, kusa da sandar lasifikar dama. Kusurwa kanta tana ƙara ƙarfi fiye da ko'ina, amma a ɗakin siminti tana tayar da gurnani, wasu sautuka su yi ta ruri bayan kiɗan ya wuce. In wufa ɗaya tak kake da ita kuma ƙarama ce, gwada kusurwar. In biyu ne manya, ba ka buƙatarta.

Gwaji da wayarka

Ba sai ka yarda da ni ba, wayar hannunka ta isa. Shiga Play Store ka rubuta tone generator, ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin da ke fitar da sauti ɗaya tsayayye. Lasifikar waya ba za ta iya fitar da 70 Hz ba, dole ka haɗa ta da miksa. Fara da murya ƙasa-ƙasa, kuma kada ka bar shi yana yi minti da minti, don irin wannan sautin yana zafafa koyil fiye da kiɗa.

Gwaji na farko: sa 70, ka taka a hankali daga bangon hagu zuwa na dama, a gaba, a tsakiya, da baya. Za ka ji inda sautin ya cika kunne da inda ya ɓace kamar an kashe. Haɗa wufofin ka sake takawa. Abokina a nan ya daina musu, don shi da kansa ya tsaya a ramin.

Gwaji na biyu: sa lambar kurosobanka, wato 100, wufa da lasifikan sama duk suna aiki. Ka tsaya wajen tsakiyar ɗakin, wani ya danna maɓallin da aka rubuta PHASE ko POLARITY ko 0/180 a ɓangaren wufa. Inda sautin ya fi ƙarfi, bar shi a nan. In babu maɓallin, kashe amfilifaya ka juya jar waya da baƙa na wufofin duka biyu, ka kwatanta.

Akwai kuma abin da ya shafi duk wanda aka taɓa yi wa naɗin koyil. Wani lokacin mai gyara yakan juya wayoyin a ciki. In ka haɗa wufa biyu wuri ɗaya sai bes ya ragu maimakon ya ƙaru, wannan ne. Cire wayar daga amfilifaya, ka taɓa ta da batiri mai bolt 1.5 na ɗan lokaci, kan batirin a jar waya. Takardar lasifikar ta leƙo waje. In ɗaya ta leƙo ɗaya ta shige, ka kama ɓarawon.

Daga ƙarshe ka daidaita ƙarfi. Kashe wufa, ka saita murya a lasifikan sama har na kujerar ƙarshe ya ji kowace kalma. Ɗaga su a kan sanda su wuce kan mutane, don jikin mutum yana tare sautin sama. Sannan ka buɗo wufa kaɗan-kaɗan da kiɗa. Da zarar mai gabatarwa ya fara nutsewa in yana magana a kan kiɗa, ka wuce, koma baya.

Abin da masu musu za su ce

Wani zai ce masu biki ƙara suke biya, in ƙasa ba ta girgiza ba gobe ba za a kira ka ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma haɗa wufa jikin bango ba rage bes yake yi ba, raba shi yake yi ya isa kowa. A walimar nan maɓallin amfilifayar wufa ƙasa ya koma, fitilar CLIP ba ta kama ba har aka tashi, kuma 'yan baya sun daina aiko yaro a ƙara.

Wani zai ce wufa ce gindin sandar lasifikarsa ta sama, in ya haɗa su ina zai kafa? Wannan matsala ce ta gaske, kuma amsarta sanda mai ƙafa uku guda biyu. Kuɗi ne, amma ko kusa bai kai na wufa ba.

Ni ma ba zan ce komai ya gyaru ba. Lasifikar hagu ta yi nisa da wufofin, don haka a ɓangaren hagu haɗuwarsu a 100 ba ta kai ta dama kyau ba. Ɗakin kansa yana da nasa ramukan da tsayi da faɗinsa suka haifar, jikin bangon baya kullum bes ya fi taruwa. Kwanon rufi da tagogin ƙarfe in suna karkarwa, sai dai a ɗaure su ko a rage. Kuma ɗakin da babu kowa daban yake da wanda ya cika, sai ka sake saurara bayan mutane sun zauna.

Bayan sati biyu mun je wani taro a Ajingi, ɗakin makaranta ne, jawabai zalla, babu kiɗa. Na ce masa kada ma ya sauke wufa daga mota. Lasifikan sama biyu a kan sanda, ta HIGH OUT a 100, LOW CUT a danne. Ya ji tsoro masu taron za su ga kamar ya rage musu kaya. Babu wanda ya tambaya. Taron da magana ce kawai, ko wa'azi ko lacca, wufa ba ta da aikin yi a cikinsa sai jawo gurnani da shan mai.

Bashin dai bai ci ba, kuma tun daga lokacin tuwita ba ta sake zuwa shagona ba, duk da ni ne na yi asarar kwastoma. Kai ma a aikinka na gaba ka je da awa ɗaya kafin lokaci, da tef da wayarka. Kurosoba a 100, lasifikan sama ta HIGH OUT, wufa a haɗe jikin bango, sannan ka taka ɗakin da ƙafarka. In ka gwada, rubuto min faɗi da tsawon ɗakin da incin lasifikanka, mu yi lissafin tare. Allah Ya ba da sa'a.